Sauya Maganar da Ta Lalace a Fim: Daidaita Lokaci da Amon Wuri a Sabon Naɗi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake cire maganar da naɗinta ya ɓaci a wurin ɗaukar fim, a maye gurbinta da wadda aka sake naɗa a situdiyo, aikin da masu sana'ar suke kira ADR. Maƙalar ta nuna cewa sabuwar murya ba ta zama daidai a cikin fim sai an mayar mata da abubuwa uku da tsohuwar ta tafi da su, wato lokacinta, da nisanta daga makirufo, da kuma amon wurin da aka yi maganar. An bi misali guda ɗaya daki-daki, an kuma duba yadda tsawon wasali da karin sauti na Hausa suke taƙaita wa mai haɗa sauti hanyoyin gyara.

Muhimman kalmomi: sake naɗin magana, amon wuri, amsa-kuwwa, tsawon wasali, karin sauti.

1.0 Gabatarwa

Makirufon da ke wurin ɗaukar fim ba ya bambanta muryar ɗan wasa da sauran abin da ke cikin iska. Yana naɗar maganar tare da ƙugin fanka, da motsin tufafi, da hayaniyar unguwa, da kuma amsar da bangon ɗaki yake mayarwa. Duk waɗannan suna shiga layin sauti guda. Saboda haka, ranar da aka yanke jimla ɗaya domin ta lalace, abin da aka yanke ya wuce kalmomi: an yanke ɗakin da kansa na tsawon wannan jimla. Wannan shi ne tushen duk wahalar aikin, kuma a kansa maƙalar ta ginu.

Ya kamata a bambanta wannan aiki da fassarar fim daga wani harshe, irin wadda ake yi wa fina-finan Indiya zuwa Hausa. A can, mai kallo ya san leɓɓan ɗan wasa ba Hausa suke furtawa ba, don haka yana yin afuwa. A nan kuwa harshe ɗaya ne, ɗan wasa ɗaya ne, kuma jimlar da ta gabata da wadda ta biyo baya duk na asali ne. Kunne yana da abin da zai gwada sabuwar muryar da shi, gaba da baya.

2.0 Yaushe Ake Sauya Magana?

Ba kowace magana mai hayaniya ce take buƙatar sauyi ba. Ƙara mai ɗorewa a kan mita guda, kamar ƙugin wutar lantarki, ana iya rage ta da matata mai ƙunci ba tare da an taɓa murya ba. Abin da ba ya gyaruwa shi ne ƙarar da ta hau kan mitocin da baƙaƙen magana suke zaune, musamman tsakanin Hz 1,000 da Hz 4,000, kuma tana sauyawa daga sakan zuwa sakan, kamar babur da ya wuce ko yaro da ya fashe da kuka. Haka nan maganar da aka naɗa da ƙarfin da ya wuce iyakar na'ura har ta tsage sosai, da wadda makirufo ya yi nisa har amsa-kuwwar ɗaki ta rinjayi muryar.

Ko a irin wannan hali, situdiyo shi ne mafita ta ƙarshe. Mai haɗa sauti yakan fara duba sauran ɗaukan da aka yi wa fitowar, domin sau da yawa jimlar tana nan lafiya a ɗauka ta biyu ko ta uku. Idan babu, sai ya duba ko mai naɗin sauti ya sa ɗan wasa ya maimaita jimlar a wurin bayan an kashe kyamara. Waɗannan biyun sun fi naɗin situdiyo, domin makirufo ɗaya ne, ɗaki ɗaya, kuma muryar ɗan wasa tana cikin yanayin wannan rana.

3.0 Misalin da Za a Bi

A ɗauka cewa an shirya wani gajeren fim na Hausa a unguwar Nima da ke Accra, a cikin ɗaki mai daɓen siminti, tsawonsa mita 5, faɗinsa mita 4, tsayinsa mita 3. Ana ɗaukar firem 25 a kowane sakan, wato kowane firem yana cin milisakan 40, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. Makirufo yana kan sanda, santimita 60 daga bakin ɗan wasa. Saurayi yana fuskantar kyamara, ya ce wa mahaifinsa: "Baba, ba ni da abin da zan faɗa maka yau." Babur ya wuce a daidai tsakiyar jimlar, kuma ɗaukar da darakta ya zaɓa ita kaɗai ce fuskar ta yi abin da ake so. A kan allon tacewa jimlar ta fara daga 00:04:12:10 ta ƙare a 00:04:14:20. Tsawonta firem 60 ke nan, wato sakan 2.4. Ɗan wasan kuma ya riga ya koma Jidda inda yake aiki, a can za a sake naɗar muryarsa.

4.0 Naɗi a Situdiyo

Ana aika wa situdiyon hoton fitowar mai ɗauke da lambobin lokaci, tare da tsohon sautin duk da lalacewarsa, domin shi ne jagora. Bisa al'adar sana'ar, ɗan wasa yana jin ƙara uku gajeru a kunnensa, masu tazara iri ɗaya, sai ya fara magana a inda ta huɗu za ta faɗo da a ce akwai ta. Wasu 'yan wasa sun fi son su saurari tsohuwar jimlar su maimaita ta nan take, kamar mai amshi, ba tare da kallon hoto ba. Wannan hanya takan fi dacewa da wanda bai saba ba, domin kunne ya fi ido saurin kama rausayar magana.

Kuskuren da ya fi yawa a wannan mataki shi ne na nisan makirufo. Situdiyon waƙa da na rediyo sun saba ajiye makirufo kamar santimita 15 daga baki. Duk lokacin da aka rage nisa da rabi, ƙarfin muryar da ke isa kai-tsaye yana ƙaruwa da kusan dB 6, don haka daga santimita 60 zuwa 15 an sami ƙarin dB 12. Rage ƙarfin daga baya ba ya warware matsalar, domin makirufo mai fuskantar gefe guda yana kumbura ƙananan mitoci idan an matso kusa da shi, yana kuma kama motsin harshe da miyau. Sakamakon shi ne murya mai kauri irin ta mai karanta labarai, a bakin mutumin da ake gani tsaye a tsakiyar ɗaki. Maganin shi ne a yi amfani da irin makirufon da aka yi aiki da shi a wurin ɗauka, a ɗora shi a sama, a nisa da kusurwa irin na farko.

Akwai kuma batun ƙarfin furuci. Tun a 1911 likitan Faransa Étienne Lombard ya bayyana cewa mutum yana ɗaga muryarsa ba da saninsa ba idan yana cikin hayaniya. Saurayin da ya yi magana a Nima, fanka tana juyawa, unguwa tana motsi, ya yi ta da wani ƙarfi. Idan ya shiga ɗakin naɗi mai tsit, zai sassauta, kuma sassautacciyar murya tana da launi dabam wanda ƙarin ƙarfi a na'ura ba ya sauyawa. Shi ya sa ake kunna masa amon wurin asali a kunne yayin da yake naɗi, a kuma sa shi ya tsaya idan a tsaye yake a hoton, ya juya kai inda ya juya.

5.0 Daidaita Lokaci

Ido da kunne ba sa yin hukunci iri ɗaya kan saɓanin lokaci. Shawarar Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya mai lamba BT.1359 ta nuna cewa masu kallo suna fara gane saɓani idan sauti ya riga hoto da kimanin milisakan 45, amma sai jinkirinsa ya kai kimanin milisakan 125 kafin su lura. Dalilin yana cikin rayuwar yau da kullum: sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan, don haka mun saba ganin leɓɓa kafin mu ji murya. Ga mai aiki da firem 25, darasin a fili yake. Firem ɗaya na riga-wuri ya kusa kaiwa iyaka, firem ɗaya na jinkiri kuwa ba ya damun kowa. Idan dole ne a yi kuskure, gara a yi shi ta ɓangaren jinkiri.

Ba dukkan sautukan jimla ne ido yake gani ba. Abin da yake kamawa shi ne rufewar leɓɓa, wato b da ɓ da m, da kuma f, wadda a Hausa galibi da leɓɓa biyu ake furta ta. A 1976 Harry McGurk da John MacDonald sun nuna cewa abin da ido ya gani a leɓɓa yana iya sauya baƙin da kunne ya ji, wanda ke nufin saɓani a waɗannan wurare yana iya rage fahimtar maganar kanta. Jimlar misalinmu tana da irin waɗannan wurare shida: biyu a "Baba", ɗaya a "ba", ɗaya a "abin", ɗaya a "faɗa", ɗaya a "maka". Su ne turakun da ake ɗaure sabon naɗi a kansu. Mai haɗa sauti yana bin hoton firem bayan firem, ya sa alama inda leɓɓa suka buɗe, sannan ya jera zanen igiyar sabon sauti a ƙarƙashin na tsoho.

A ce ɗaukar da ta fi kyau a Jidda ta kai firem 65, wato ta fi ta asali da firem 5. Hanya mafi sauƙi ita ce a matse jimlar gaba ɗaya da kusan kashi 8 cikin ɗari, kuma manhajoji irin su VocAlign suna iya yin haka cikin ƙiftawar ido. Amma matsi mai yawa yana sa murya ta riƙa rawa kamar ƙarfe, kuma yana taɓa wuraren da ba su da laifi. Idan aka duba turakun ɗaya bayan ɗaya, sai a ga ɗan wasan ya tsawaita hutun da ke bayan "Baba" da firem 3. Wannan shiru ne, almakashi kawai yake buƙata. Saura firem 2, waɗanda aka raba a kan ragowar jimlar mai kimanin firem 50, matsin da bai wuce kashi 4 cikin ɗari ba, wanda kunne ba ya cika kamawa.

5.1 Iyakar da Hausa Take Gindayawa

A nan harshen Hausa yana da nasa sharuɗɗa. Tsawon wasali yana bambanta ma'ana: "gari" na mazauni gajeren wasali ne a gaɓar farko, "gari" na tuwo kuwa dogo ne. Manhajar da ke daidaita lokaci ba ta san wannan ba, kuma wasali shi ne wurin da ya fi sauƙin ja ko matsewa. Idan ta zuba dukkan matsin a kan dogon wasali guda, kalmar takan fito kamar a bakin baƙon harshe, wani lokaci ma ta koma wata kalmar. Don haka gyaran ya fara daga hutu da numfashi, sannan a raba abin da ya rage daidai-wa-daida, kuma Bahaushe ya saurari sakamakon.

Sharaɗi na biyu ya shafi ɗinke kalmomi daga ɗauka daban-daban. A jimlar bayani ta Hausa, karin sauti yana gangarowa daga farko zuwa ƙarshe, har karin sama na ƙarshen doguwar jimla yakan sauko kusa da inda karin ƙasa na farkonta yake. Idan aka ɗauko "yau" daga wata ɗauka inda aka furta ta ita kaɗai, aka liƙa ta a ƙarshen jimlarmu, za ta tsaya sama da layin gangarar, sai mai sauraro ya ji kamar tambaya ake yi ko jaddadawa. Ƙa'idar da ta fi aminci ita ce a ɗinke a kan iyakar yankin jimla, a kuma ɗauki kalma daga gurbi irin nata.

6.0 Mayar da Ɗakin

Bayan lokaci ya daidaita, muryar tana nan a bushe. Abubuwa biyu ne suka rage, kuma sau da yawa ana rikita su: amon wuri, wato ƙarar da ɗaki yake yi idan kowa ya yi shiru, da amsa-kuwwa, wato abin da ɗaki yake yi wa murya.

6.1 Amon wuri

A ce amon ɗakin Nima yana kan dB −50 a ma'aunin na'ura, na situdiyon Jidda kuwa dB −70. Idan aka ajiye sabuwar jimlar haka nan, ɗakin zai ɓace na sakan 2.4 sannan ya dawo, kuma wannan rami ya fi kowane saɓanin leɓe saurin tona asiri. Saboda haka ne masu naɗin sauti suke neman kowa ya yi tsit na sakan 30 zuwa minti ɗaya kafin a bar wurin ɗauka, makirufo yana inda yake, fitilu da fanka suna yadda suke. Wannan naɗi ake shimfiɗawa a ƙarƙashin sabuwar jimlar.

Idan ba a yi shi ba, ana tsinto gutsattsarin shiru daga tsakanin kalmomin ɗaukar kanta, a ɗinke su. Gutsure ɗaya na rabin sakan da aka yi ta maimaitawa yana fallasa kansa, domin kunne yana saurin gane abin da ke dawowa a kan ƙa'ida. Gara a haɗa gutsattsari huɗu ko biyar masu tsawo dabam-dabam, a juya wasu su tafi da baya, a cire duk wanda yake da tari ko ƙarar ƙofa.

Wurin haɗi yana da nasa lissafi. Idan ƙara biyu masu ƙarfi ɗaya, waɗanda ba su da alaƙa da juna, suka hau kan juna, jimillarsu tana ƙaruwa da dB 3. Don haka idan shimfiɗar ta zarce ta hau kan sautin asali, za a ji amon ya kumbura. Idan kuma aka narkar da ɗaya cikin ɗaya da miƙaƙƙen layi, za a sami faɗuwar dB 3 a tsakiya. Narkewar da ta dace ita ce wadda manhajoji suke nunawa da sunan Equal Power, mai tsawon firem 2 zuwa 4, a ɗora ta inda babu magana.

Misalinmu yana da wani tarko da ya shafi masu aiki tsakanin ƙasashe. Wutar lantarkin Ghana, kamar ta Nijeriya da Nijar da Birtaniya, tana kan Hz 50, ta Saudiyya da Amurka kuwa Hz 60. Amon Nima yana ɗauke da ƙugin 50 da ninkinsa, 100 da 150. Idan naɗin Jidda ya kwaso ƙugin 60 da 120 da 180, to duk lokacin da saurayin ya buɗe baki wani sabon ƙugi zai shigo, ya fita idan ya rufe. Dole ne a tace wannan ƙugi daga sabon naɗin tun kafin a haɗa.

6.2 Amsa-kuwwa

Ana iya ƙiyasta tsawon amsa-kuwwar ɗaki da lissafin Wallace Sabine, inda V yake nufin girman cikin ɗaki, S faɗin bango da rufi da daɓe, a kuma matsakaicin abin da suke shanyewa na sauti:

```
RT60 = 0.161 × V / (S × a)
RT60 = 0.161 × 60 / (94 × 0.15) ≈ 0.7
```

An ɗauki 0.15 a matsayin ƙiyasin ɗakin siminti mai 'yan kujeru da labule. Amsar, sakan 0.7, mafari ce kawai, kunne ne zai ƙarasa. Ana zaɓar ƙaramin ɗaki a na'urar amsa-kuwwa, a fi ba da ƙarfi ga amsoshin farko da ke dawowa daga bango mafi kusa, domin su ne suke gaya wa kunne girman wuri. Sannan a gwada wutsiyar "yau" da wutsiyar wata kalma ta asali mai irin ƙarshenta. Idan ɗakin yana nan ana iya shigarsa, akwai hanyar da Walter Murch ya shahara da ita tun aikinsa a fim ɗin American Graffiti na 1973: a kunna busasshen sautin ta lasifika a cikin wurin, a sake naɗarsa da makirufo daga nisan da ake so. A misalinmu wannan mai yiwuwa ne, tunda ɗan wasa ne ya yi tafiya, ɗakin yana Nima.

Abu na ƙarshe da ake yawan mantawa shi ne motsin jiki. Idan saurayin ya gyara hularsa ko ya ja takalmi a cikin waɗannan firem 60, ƙarar ta tafi tare da tsohon sautin, kuma sai an sake yin ta an mayar.

7.0 Yadda Ake Gane Inda Aiki Ya Gaza

Gwaji uku sun wadatar. Na farko, a rufe ido a saurari fitowar tun daga sakan goma kafin jimlar. Idan an iya nuna inda sabon naɗi ya shigo, laifin na amon wuri ne ko na launin murya. Na biyu, a kashe layin sabuwar muryar a bar shimfiɗar kaɗai, a ɗaga ƙarfi: ɗakin ya kamata ya wuce sumul, babu tsalle babu rami. Na uku, a saurara ta abin sauraro na kunne da kuma ta lasifikar wayar hannu, domin na farkon yana tona ramin amo, ta biyun kuma tana tona muryar da ta fi maƙwabtanta kaifi.

Wani lokaci duk dabarun nan ba sa sa jimla guda ta saje da maƙwabtanta. A irin wannan hali akan sauya dukkan maganar ɗan wasan a fitowar, domin kunne ya rasa abin gwadawa. Farashin hakan shi ne asarar wasan da aka yi a gaban kyamara, kuma darakta ne ya kamata ya yanke wannan hukunci.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa sauya magana a fim aiki ne na mayar da abin da aka yanke tare da ita. Lokaci yana ɗaure ne a kan rufewar leɓɓa, kuma gyaransa yana farawa daga hutu kafin a taɓa wasali, musamman a Hausa inda tsawon wasali da gangarar karin sauti suke ɗauke da ma'ana. Launin murya yana samuwa tun a situdiyo, ta nisan makirufo da ƙarfin furuci. Amon wuri kuwa shi ne ya fi kowanne arha idan an naɗe shi a ranar ɗauka, ya kuma fi kowanne cin lokaci idan sai an ƙirƙiro shi daga gutsattsari. Ga masu shirya fim da 'yan wasansu suke warwatse tsakanin Accra da Jidda da London, abubuwa uku da za a tanada kafin a bar wurin ɗauka suna rage yawancin wannan wahala: minti ɗaya na amon wuri a kowace fitowa, maimaicin duk jimlar da ake shakka a kanta, da rubutaccen bayanin irin makirufo da nisansa daga baki.